Kafin Ka Sayi Sabon Injin Niƙa, Zauna Ka Yi Lissafi

Mai niƙa da injinsa ya tsufa yakan ruga neman kuɗin sabo. Amma banki ko abokin haɗin gwiwa takarda zai nema, wadda ta nuna abin da za a kashe da lokacin da kuɗin zai dawo.

A ce injin ya kai naira miliyan 1.2. Dako, girkawa da gyaran rumfa su ci dubu 300, jimilla miliyan 1.5 ke nan. Nan da yawa suke tuntuɓe, don farashin kasuwa kawai suke rubutawa.

Sai ribar wata. Idan sabon injin zai ƙara cinikin dubu 250, amma gas, ladan yaro da sassaƙar faranti su cinye dubu 150, abin da ya rage dubu 100 ne. Raba miliyan 1.5 da dubu 100, za ka samu wata 15. A ganina bai kamata a tsaya nan ba. Idan gas ya yi tsada ragowar ta koma dubu 60, sai wata 25, kuma idan bashin na shekara 2 ne, ka shiga matsala.

Rubuta kuma sauran hanyoyin da ka duba: gyaran tsohon, ko sayen na hannu mai araha wanda ka iya tsayawa ana tsakiyar kaka. Tambayi makanike ko kayan gyaransa suna samuwa kusa kafin ka biya ko kwabo.