Me Ke Shanye Cajin Agogonka Cikin Dare?

Batirin agogon zamani ƙarami ne ƙwarai. Da yawansu ba su wuce 300 mAh ba, alhali na waya yakan kai 5000 mAh. Shi ya sa ɗan aikin da waya ba za ta ji a jikinta ba, agogo sai ya kwantar da shi kafin asuba. Mu kuma a hostel wuta sai ta ga dama take zuwa. Idan agogon ne ke tashinka ranar jarrabawa, ka ga magana ta zama babba.

Abu uku ne suka fi cin caji da dare. Na farko, fitilun da ke bayan agogon. Koriyar tana auna bugun zuciya, jar kuma tana auna iskar oksijin a jini, wato abin da za ka ga an rubuta SpO2. Idan ka bar su suna awo ba tsayawa, kai kana barci, su suna aiki.

Na biyu, fuskar agogon. Always On Display ba ya barin ta ta mutu, Raise to wake kuma yana kunna ta duk juyin da ka yi a kan katifa. Ga saƙonnin WhatsApp na 'yan aji, kowanne sai ya girgiza agogon ya haska shi.

Na uku, rabuwa da waya. Idan ka kai ta wurin mai caji ta kwana can, Bluetooth ya yanke ke nan. Agogon zai yi ta laluben ta, mai Wi-Fi ko layin kansa kuma ya koma kansu, su kuwa sun fi jan wuta.

Ga yadda na gwada nawa. Daren farko na kwanta ƙarfe 11 yana kashi 90, na tashi ƙarfe 6 yana 41, wato kashi 7 duk awa. Dare na biyu na cire shi, na sa Airplane mode, na ajiye a kan tebur. Kashi 4 kacal ya sauka, alamar batirin lafiya lau yake. Dare na uku na ɗaura shi, na kashe SpO2 kaɗai, sai ya ci 26. Na huɗu na ƙara da Sleep mode, wanda ke kashe fuska ya tsayar da saƙonni, ya dawo 12.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kowane dare, in ba haka ba ba za ka gane mai laifin ba. Idan kuwa a daren tebur ma cajin ya zube sosai, duba ko ka bar awon motsa jiki a kunne da GPS, sannan ka kashe agogon ka kunna. In bai daina ba, batirin ne ya tsufa. Wanda bayansa ya fara kumbura kuwa, a daina ɗaura shi, a daina sa masa caji.