Ko ka sani? Tsutsar tsamiya da masana'antar buhu ba dabara ɗaya suke ƙulla zare da ita ba

Zaren tsamiya da masu ɗinki ke yi wa babbar riga aiki da shi, wata tsutsa ce ke saƙa shi. Buhun leda da ake zuba shinkafa kuwa daga man fetur aka samo shi. Dukansu polima ne, wato doguwar sarƙa da ƙananan ƙwayoyi, monoma, suka kama juna suka yi. Kamar rake, sarƙar gaɓa-gaɓa ce, kuma gaɓar da ke maimaituwa ita ake zanawa cikin baka, a sa n a gefe. Sai dai hanyar ƙullin biyu ce, kuma kowacce da yadda ake zana ta.

Buhu ya fi sauƙi. Monomarsa furofin ce, CH₂=CH–CH₃. Ɗauri biyun da ke tsakanin kabon na farko da na biyu shi ne bakin zaren: ɗaya ya buɗe, kowane kabon ya sami hannun da zai kama maƙwabci. Mai zane zai ajiye waɗannan kabon biyu a layi, ya rataye sauran sassa sama da ƙasa, ya mai da ɗaurin guda, sannan ya miƙa layi ta kowane gefe har ya ratsa baka. Abin da zai fito shi ne –[CH₂–CH(CH₃)]ₙ–.

A nan ɗalibai da dama ke tuntuɓe. Da sun ga kabon uku sai su jera su duka, su rubuta –CH₂–CH₂–CH₂–. Lissafin ƙwayoyin ya yi daidai, amma wannan ledar shago ce suka zana, ba buhu ba. CH₃ ɗin reshe ne, ba ya shiga kashin bayan sarƙa. Kuma babu abin da ke zubewa a irin wannan haɗi: nauyin monoma 42, na gaɓa ma 42.

Tsutsa kuwa ba ta ƙulli sai ta zubar da ruwa. Zarenta furotin ne, galibinsa gilaisin da alanin. Gilaisin, H₂N–CH₂–COOH, tana da baki biyu. Ana cire OH daga bakin asid, a cire H ɗaya daga naitirojin, su haɗu su zama ruwa. Saura –NH–CH₂–CO–, kuma nauyi ya sauko daga 75 zuwa 57, wato 18 na ruwa ya tafi.

Gorar ruwa mai lamba 1 a gindi, wadda ake rubuta wa PET, wannan hanyar aka bi aka yi ta. Whinfield da Dickson ne suka gano ta a Ingila a 1941. Monoma biyu gare ta: HO–CH₂–CH₂–OH mai nauyin 62, da HOOC–C₆H₄–COOH mai nauyin 166. Jimilla 228. Gaɓarta ita ce –O–CH₂–CH₂–O–CO–C₆H₄–CO–, nauyinta 192. Gibin 36 ne, ruwa biyu ke nan. Wanda ya haɗa su ya cire ruwa ɗaya kawai, ya bar H da OH a bakunan waje, ƙwaya guda ya zana, ba gaɓa ba, domin ba ta da hannun kama ta gaba.

Idan sarƙa aka ba mutum aka ce ya nemo monoma, kashin bayan zai fara dubawa. In kabon ne zalla, ya yanko biyu, ya goge layukan gefe, ya mayar da ɗauri biyu. Bututun PVC, –CH₂–CHCl–, ya koma CH₂=CHCl. Robar bishiya ce ta bambanta: kabon huɗu ne a kashin bayan gaɓarta, da ɗauri biyu da ya rage a tsakiya.

In kuma ya tarar da –CO–O– ko –CO–NH– a cikin layin, wurin yanka ɗaya ne: tsakanin kabon na CO da oksijin ko naitirojin da ke biye da shi. CO ya karɓi OH, ɗaya ɓangaren ya karɓi H. Sai ya duba alkiblar ƙullin. In ta bi NH…CO, NH…CO, monoma mai baki iri biyu ce, kamar ta tsutsa. In ta bi NH…NH, CO…CO, monoma biyu ce, kamar nailan 6,6 da aka fara haɗawa a kamfanin DuPont a 1935.

Tarkon da ya fi kama masu gaggawa shi ne gilashin roba na allunan talla. Yana da –CO–O–, sai mutum ya zabura ya yanka. Alhali a reshe yake, kashin bayan kabon ne zalla, don haka dangin buhu ne, kuma monomarsa ɗauri biyu za a mayar mata.