Gaisuwa da Sallama a Imel ɗin Ofis

A ce ƙaramin jami'i mai mataki na 8 a wata ma'aikatar gwamnati yana neman hutun shekara, kuma wadda za ta sa hannu Darakta ce mai mataki na 17, mai digirin digirgir. Da me zai buɗe saƙonsa?

Abin da ya fi dacewa shi ne ya kira ta da muƙaminta: "Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, Darakta." Idan ba Musulma ba ce, "Barka da aiki" ta wadatar. Sunan yanka tsurarsa ba ya shiga nan, ko da unguwarsu ɗaya. "Hajiya" kawai ma ta yi kaɗan a takardar aiki, tunda a ofis ofishinta ake yi wa magana. Ya kuma guji "Ina kwana", domin saƙon da ya tura da hantsi wataƙila sai bayan isha'i za ta buɗe shi. Gaisuwar layi ɗaya ce. Tambayar iyali da gajiya a bar ta sai an haɗu. Daga nan sai buƙata: hutun kwana nawa, daga yaushe, wa zai riƙe masa aiki.

A rufewa ne mutane suka fi tuntuɓe. Sai ka ga an fara da "Ranki ya daɗe" an ƙare da "Sai na ji ki", kamar ita ce ke jiran umarninsa. Nauyin sallama ya zo daidai da na gaisuwa: "Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara girma", sannan cikakken suna, muƙami da sashe. Idan da Turanci ake rubutun, kamar yadda aka fi yi a ofisoshin Najeriya, Dear Sir ko Dear Madam da Yours faithfully suke tafiya, yayin da Yours sincerely ke bin gaisuwar da aka ambaci suna a cikinta.

Ko da Darakta ta amsa da "Na gani, ba matsala", wannan ba izini ba ne. Na sama ne ke da ikon sassautawa. Jami'in zai iya taƙaitawa a amsa ta biyu, ya bar doguwar gaisuwa, amma "ranki ya daɗe" tana nan.

Inda muƙami da shekaru suka saɓa, ni a ganina a ba kowanne haƙƙinsa. Matashin shugaban sashe da ke rubuta wa tsohon akawu sa'an mahaifinsa ya buɗe da "Malam" ko "Alhaji" haɗe da sunansa, ya faɗi umarninsa ba kwana-kwana, ya rufe da godiya. "Baba" kuwa ta baki ce, ba ta imel ba.

Tsakanin tsara, "Malam wane, barka da aiki" da "Na gode" sun isa. Sai dai a leƙa layin CC kafin a tura: muddin sunan Darakta na ciki, zolayar da kuka saba ba ta da wuri a wannan saƙon.