Me Ya Sa Masu Rubuta Manhaja Ke Miƙar da Allon Kwamfuta Tsaye?

Takardar A4 doguwa ce, amma allon kwamfuta a kwance yake. Shi ya sa mai karanta dogon rahoto yake ganin rabin shafi kawai, gefe da gefe kuma fili ne babu komai.

Allo mai inci 24 yawanci yana da ɗigo 1920 a faɗi, 1080 a tsayi. Idan kowane layin rubutu ya ci ɗigo 20, layi kusan 50 ne zai bayyana. Da an juya allon tsaye, sai layukan su haura 90, kuma shafi guda ya fito cif. Ga mai bin diddigin kuskure a manhaja, wannan babban sauƙi ne.

Sai dai ba kowace ƙafar allo ke juyawa ba. Idan ta ƙi, akan ɗaura allon a wani mariƙi mai ma'aunin VESA. Daga nan, a Windows, sai a shiga Settings, System, Display, a zaɓi Portrait a ƙarƙashin Display orientation.

Matsalar tana ga allo samfurin TN. Idan aka miƙar da shi, gefe ɗaya yakan yi duhu, ɗayan ya koɗe, har ido ya gaji. Samfurin IPS ya fi dacewa da wannan aiki.