A Ɗebo Daga Tsakiyar Buhu

Manomin Maska ba ya faɗa maka buhu nawa ya samu. Tambaye shi a watan Nuwamba, bayan an gama sussukar masara, zai ce “Alhamdulillahi, an samu na tuwo”, ko da kuwa ɗakin ajiyarsa ya cika har ƙofa. Akwai kunya a ciki, akwai kuma gudun baki. Amma ka bi shi kasuwar hatsi ta Funtua ko ta Dandume ka gani. A can ma ba ya yabon masararsa. Kwance bakin buhu yake yi, mai saye ya zura hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki. In ta fashe ƙaras, ta bushe. In haƙori ya nutse a cikinta, da sauran danshi, kuma ba rantsuwar da za ta ɗaga farashinta.

Wannan ɗibar hannu ɗaya ce ta faɗo mini a rai ranar da ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa bayan la'asar. Ya yi karatun aikin gona, kuma wata ƙungiyar manoma ta unguwarsu ta ɗora shi a kan ajiyar masararta, buhu 60, daga kaka zuwa watan Yuni. Aiki ya ƙare, yana so ya rubuta ɗan bayani don masu neman mai kula da sito su san da shi.

“Kawu, duba mini kafin in tura.”

Abin da ya rubuta cike yake da “gagarumar nasara” da “jajircewata” da “ƙwarewar da Allah ya ba ni”. Ba ƙarya ya yi ba, yaron ya yi aiki. Sai dai duk rubutun buhu ne ɗaure, an ce in yarda da abin da ke ciki. Na ce masa, “Ɗana, ina ƙwayar da zan ciza?”

Sai na tambaye shi abin da ya fi tayar masa da hankali a wata bakwai ɗin nan. Nan take muryarsa ta sauya. Sun yi amfani da buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 don ajiyar wake, daga baya aka shigo da masara da sauran hatsi. Ba a sa magani. Ana ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki su cinye iskar da ta rage, su daina ci da hayayyafa, su mutu. Da suka buɗe a Yuni, buhu 57 sun fito kamar ranar da aka zuba. Uku sun ci ƙwari. Ya zauna ya juye ledojin ukun, ya hura musu iska, ya gano ƙananan huji. Guntayen totuwa ne da ba a sheƙe ba suka soke su, duk daga masarar da aka kawo ranar ƙarshe ana sauri kafin magariba.

Na ce masa rubutun ke nan. Ya yi shiru, ya ce, “Kawu, ai wannan tonon silili ne ga kaina.”

A nan matasa da yawa ke kuskure, kuma na fahimci tsoronsu. Amma duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san ɗan kasuwar da ke zuba mai kyau a bakin buhu, ya ɓoye dusa a ƙasa. Shi ya sa hannu ke zurfi. Mai karatu ma haka yake: in ya ga saman buhu kaɗai, sai ya fara zargin ƙasan. Buhu ukun nan su ne shaidar cewa yaron ya tsaya a kan aikin, domin wanda bai juye leda da hannunsa ba ba zai san totuwa na huda ta ba. Kowa na iya cewa ya ƙware. Wannan bayani kuwa sai wanda ƙaiƙayin masara ya taɓa.

Muka sake zama. Ga abin da ya fito:

“Daga Nuwamba zuwa Yuni mun ajiye masara buhu 60 a buhun PICS, ba magani. Buhu 57 sun fito lafiya, 3 sun ci ƙwari. Da na bincika, guntayen totuwa ne suka huda leda, kuma ni na bari aka zuba ranar ba a sake sheƙewa ba. Yanzu kafin zubi ina yin abu biyu: in hura kowace leda in matse ta in ji ko iska na fita, in kuma sa a tankaɗe masarar. Don gane bushewa, wani dattijo a ƙungiyar ya koya mana: a zuba masara da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da ita shanya. Wannan abin da muka gani ne a sito ɗaya, shekara ɗaya.”

A lura da inda “mu” ta zauna da inda “ni” ta zauna. Nasara ta gayya ce, don haka “mun ajiye”. Kuskure da gyara kuwa nasa ne, don haka “ni na bari”, “ina yin”. A rubutunsa na farko abin a juye yake, kuma wannan juyin shi ne ainihin abin da kunne ke ji a matsayin cika baki. Dattijon ma an ba shi haƙƙinsa, kamar yadda manomi kan ce “irin wane ne” in an yaba gonarsa.

Jimlar ƙarshe ita ce ya fi jayayya a kanta, yana ganin tana rage masa daraja. Ni kuwa ita na fi so. Mai masarar kirki kan ce maka, “Wannan ta tuwo ce, kada ka shuka ta.” Wanda ya faɗi iyakar kayansa, ka san ya san kayan. Shekara ɗaya ba ta nuna maka abin da ɓera zai yi a wani siton ba, gwajin gishiri kuma ba ya ba ka lamba, yana dai nuna danshi ya yi yawa, alhali masarar ajiya ana so danshinta ya sauka wajen kashi 13 cikin 100.

Akwai abin da muka cire gaba ɗaya: kuɗin da ƙungiyar ta samu, da sunan mai masarar da aka kawo a makare. Waɗannan amana ce, ba nasa ba ne balle ya baje su. Mun kuma bar labarin katakon da suka shimfiɗa a ƙasa da na jayayyar farashi, duk da akwai darasi a cikinsu. Ba a zazzage buhu a ƙasa don a nuna samfuri.

Ya tura bayan isha'i. Washegari wani dillalin wake daga Malumfashi ya kira shi, bai ce masa sannu da ƙoƙari ba, tambayarsa ɗaya: ledar da ta huje, a yar da ita ne ko tana da sauran amfani? Na ji yaron yana ce masa kada ya sake dogara da ita a matsayin ta ciki, ya sa sabuwa, tsohuwar kuma ya shimfiɗa ta wurin shanya.