Talatin da Bakwai, Ko Dubu Arba'in?

Duk sabon mai rubuta manhaja da aka turo mini, akwai ranar da nake kiransa ya zauna kusa da ni kafin in ba shi mabuɗin furodakshan. Ga wanda ba ya cikin sana'ar, furodakshan shi ne rumbun bayanai na ainihi, wanda jama'a ke hulɗa da shi kai tsaye. In ka sayi kati ta waya ko ka yi odar kaya, can ake rubuta sunanka da kuɗinka. Muna da wani rumbun na gwaji, inda ɗan koyo zai yi ta ɓarna har ya gaji, ba wanda zai kuka. Furodakshan kuwa kasuwa ce tana ci, ka shigo da gatari za ka gyara rumfa guda.

Ku ƙannena da kuka shigo aiki, abu ɗaya nake so ya zauna muku: kafin ku aika umarnin da zai canza wani abu, ku san adadin layukan da zai taɓa, kuma kada ku tabbatar da shi sai lambar da injin ya faɗa ta yi daidai da wadda kuka rubuta.

Bari mu bi misali. A ce kamfanin sayar da kaya ne, kuma yana da tebur mai suna `oda` mai layi dubu arba'in, kowane layi odar mutum ɗaya. Ranar 14 ga Maris, 2024, saƙon banki ya maƙale, mutum 37 sun biya amma odarsu na nan a matsayin `jira`. An ce ka gyara. Ba da gyaran za ka fara ba, da ƙirga za ka fara:

```sql
SELECT count(*) FROM oda
WHERE matsayi = 'jira' AND an_biya = true
AND rana = '2024-03-14';
```

Wannan karatu ne kawai, ba ya canza komai. In ya ce 37, kuma masu lissafi ma 37 suka ce, to madalla, rubuta lambar a takarda. Ni da biro nake rubutawa, yaran ofis na yi mini dariya. Amma ƙirga kaɗai ba ta isa ba, domin lamba kan yi daidai alhali layukan ba su ba ne. Buɗe biyar ko shida ka duba da idonka, ka gwada da takardar banki. Sannan ka kwafe 37 ɗin zuwa wani ƙaramin tebur na ajiya, don a san yadda suke kafin ka taɓa.

Yanzu sai gyaran, kuma a nan ne mutane ke faɗawa rami. Manhajar `psql`, wadda ake magana da rumbun PostgreSQL ta cikinta, da zarar ka aika umarni take tabbatar da shi, ba ta tambayar ko ka tabbata. Maganin wannan kalma ɗaya ce, `BEGIN`, a sa ta a gaba:

```sql
BEGIN;
UPDATE oda SET matsayi = 'kammala'
WHERE matsayi = 'jira' AND an_biya = true
AND rana = '2024-03-14';
```

Bayan `BEGIN`, duk abin da ka yi kai kaɗai ke ganinsa, kamar ciniki ne da aka yi tayi ba a sallama ba. Injin zai amsa da `UPDATE 37`. In haka ne, rubuta `COMMIT`, an sallama. In kuwa ya ce `UPDATE 40000`, kada ka firgita, rubuta `ROLLBACK`, komai zai koma yadda yake, ba wanda ya ji ko ya gani.

Ta ina dubu arba'in za ta fito? Daga rashin `WHERE`, sashen da ke faɗin layukan da ake nufi. In babu shi, injin zai ɗauka duk teburin kake so, kuma ba zai ja maka kunne ba. Ba jahilci ke jawo wannan ba. Ni ya same ni a wurin aikina na farko, kuma umarnin da na rubuta daidai yake. Manhajar da nake amfani da ita takan aika iya abin da ka zaɓa da linzami, hannuna ya tsaya a layin farko, `WHERE` na ƙasa bai shiga ba. Maimakon amsa nan take, sai na ga abin yana ta juyawa. Tun kafin lambar ta fito cikina ya ɗuri ruwa, domin gyaran layi kaɗan ba ya ɗaukar daƙiƙa goma. Ban sa `BEGIN` ba. Mu uku muka kwana a ofis muna dawo da bayanai daga ajiyar daren jiya.

Sai dai `BEGIN` ma yana da nasa sharrin. Layukan da ka canza suna kulle har sai ka ce `COMMIT` ko `ROLLBACK`. Mai karatu zai karanta, amma duk wanda ya zo rubutu a kansu sai ya jira ka. In ka buɗe, aka kira sallar La'asar ka tashi ka bar shi, masu jira za su yi ta taruwa har ƙofofin shiga rumbun su cika, shafin kamfani ya tsaya cak. Mai bincike zai leƙa `pg_stat_activity` ya tarar da sunanka da rubutun `idle in transaction` a gefe. Don haka shirya komai tukuna, buɗewa da rufewa kada su wuce minti ɗaya. Ni nakan kuma fara da `SET statement_timeout = '30s';`, don injin ya yanke duk umarnin da ya wuce daƙiƙa 30 da kansa.

Akwai kuma inda `ROLLBACK` ba ya ceto. A rumbun MySQL, umarni irin su `TRUNCATE` da `DROP TABLE` suna tabbatar da kansu ne, ko ka sa `BEGIN`. Kada ka ɗauko al'adar wani rumbun ka kai wani. (Masu MySQL suna da wani kariya da ke ƙin `UPDATE` ko `DELETE` marar iyaka, ana kunna shi da `--safe-updates`, kuma sun ba shi suna na biyu, `--i-am-a-dummy`, wato ni dolo ne. Ni dai ina kunnawa, ba na jin kunya.)

Saura tambayar da ta riga duk waɗannan: a wane inji kake? Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin dare da gajiya, ya goge bayanan babban rumbunsu yana zaton na kwafi yake gogewa. Kamfanin ya yi asarar bayanan kimanin awa shida, kuma su da kansu suka bayyana wa duniya yadda abin ya faru. Tagogi biyu baƙaƙe a fuskar kwamfuta kamarsu ɗaya. Shi ya sa a wurinmu tagar furodakshan ja ce, kuma asusun da kowa ke shiga da shi kullum na karatu ne kawai. Na rubutu sai an nema.

Ranar da za ka nema, zo da umarninka a rubuce, da lambar da kake sa ran gani, ka samu wani ya zauna gefenka. Kai za ka danna, shi zai karanta lambar da ƙarfi. In ranar Juma'a ce da yamma kuma abin ba na gaggawa ba ne, zan ce maka mu haɗu Litinin.