Kofin wa? Yadda ake juya awon girki daga hoto zuwa Hausa

A Amurka akwai wani tsohon haɗin kek da ake kira ɗaya-biyu-uku-huɗu: kofi 1 na bota, kofi 2 na sukari, kofi 3 na fulawa, da ƙwai 4. Yawanci ana ƙara kofi 1 na madara, da babban cokali 1 na bakin hoda, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a gasa a zafin digiri 350. Irin wannan shafin ne ake ɗauka a hoto daga littafi, ya yi ta yawo a WhatsApp har ya faɗo hannun mai yin kek a Kano ko Maraɗi, ita kuma ta nemi wanda zai mayar mata da shi Hausa. Kalmomin ba sa ɗaukar minti biyar. Lambobin ne ke ɓata tukunya.

Kafin lissafi, sai an tabbatar da abin da ido ya gani. Hoton da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya yakan dusashe, kuma ƙananan alamomi ne ke fara bajewa. A hoto mai hazo, ½ da ¼ kusan ɗaya suke. Manhajar da ke tsamo rubutu daga hoto takan mayar da 1½ ya koma 11/2, ko ma 112. Sannan littattafan Amurka da dama suna rubuta T da nufin babban cokali, t kuma ƙaramin cokali, wasu su sa tbsp da tsp. Harafi guda ne tsakani, amma babban cokali ya ninka ƙarami sau uku: mililita 15 da mililita 5.

Mai fassarar da ya san girki ba ya tsayawa cacar ido da hoto, yana duba daidaiton kayan haɗin. Masu gashi sun san kofin fulawa ɗaya yana neman kamar ƙaramin cokali ɗaya na bakin hoda. Kofi uku ke nan suna neman ƙananan cokula uku, wato babban cokali ɗaya, don haka harafin da ya dusashe a layin bakin hoda babba ne. A layin gishiri kuwa, rabin babban cokali ya yi wa wannan kek yawa, ƙaramin ake nufi. Inda lissafi bai warware ba, gara a nemi a sake ɗaukar hoton a cikin haske.

Tambaya ta biyu ita ce daga wace ƙasa littafin ya fito, domin kofi ba ɗaya ba ne a duniya. Na Amurka kusan mililita 237 ne, ana cike shi zuwa 240. Na Ostireliya 250 ne, kuma babban cokalinsu mililita 20 ne, ba 15 ba. Shafin da kansa yakan tona asalinsa: idan an auna bota da sanda, an kuma rubuta zafi da 350°F, na Amurka ne. Sandar bota ɗaya giram 113 ce, rabin kofi ke nan, don haka kofin botar da ke cikin wannan haɗi giram 227 ne.

Babban tarkon yana wajen fulawa. Kofi awon cika ne, giram kuma awon nauyi, kuma babu lamba ɗaya da ke haɗa su ga kowane kaya. Kofin sukari yana kai giram 200, amma kofin fulawa giram 120 zuwa 125 ne kawai, in an zuba ta a hankali ba tare da dannawa ba, aka shafe bakin kofin. Abin da ke ruɗa mutane shi ne kalmar oza, wadda Turawa ke amfani da ita a wuri biyu. Akwai ozar nauyi, oz, mai giram 28.35, akwai kuma ozar ruwa, fl oz, wadda a Amurka ta kai kusan mililita 30. Wani zai ga an ce kofi oza takwas ne, sai ya ninka takwas da 28.35, ya samu 227, ya rubuta wa fulawa haka. Kofi uku suka zama giram 680, alhali abin da ake bukata bai wuce 360 zuwa 375 ba. Tun a kwano za a gane: maimakon ƙullu mai zubowa daga muciya a hankali, sai a ga ya yi tauri kamar kwaɓin cincin. Lambar 227 ta dace da bota, kuma wannan dacewar ce ke sa a ɗauka ta dace da komai.

Idan an bi a tsanake, fassarar za ta ce: bota giram 227, sukari giram 400, fulawa giram 370, ƙwai 4, madara mililita 240, bakin hoda ƙaramin cokali 3, gishiri rabin ƙaramin cokali. Babu amfanin rubuta giram 226.8, tunda sikelin kicin ba ruwansa da wannan ɗigon.

To, wadda ba ta da sikeli fa? A gidaje da yawa awon da aka sani shi ne gwangwanin madarar ruwa, kuma shi bai kai kofin Amurka ba, wajen kashi biyu cikin uku yake ci. Wanda ya ga kofi ya rubuta gwangwani ya rage bota da sukari da fulawa gaba ɗaya, amma ya bar ƙwai huɗu da bakin hoda yadda suke. Sakamakon shi ne kek mai ƙarnin ƙwai, wanda zai kumbura da sauri sannan tsakiyarsa ta lotsa. Daidai shi ne a lissafa gwangwani ɗaya da rabi a madadin kowane kofi: sukari gwangwani uku, fulawa huɗu da rabi. Da yake kamfanoni sun sha rage girman gwangwani, ya fi kyau a auna wanda ke hannu da ruwa sau ɗaya a san cikinsa. Mudu da tiya kuwa ba su shiga wannan magana ba, kowace kasuwa da nata.

Zafin oben ya fi sauƙi. A cire 32 daga digirin Farenhait, a ninka da 5, a raba da 9. Daga 350 an samu 318, sai 1590, sai kusan 177 a ma'aunin Salshiyas, wanda ake cikewa zuwa 180. A oben ɗin gas mai lambobi irin na Birtaniya, lamba 4 ce. Idan mai fanka ne a ciki, a rage digiri 20. Masu gasawa a tukunya mai yashi bisa gawayi ba su da lambar juyawa, don haka yana da kyau mai fassara ya ƙara musu layi guda: a soka tsinke a tsakiya, in ya fito babu ƙullu, ya gasu.

A Nijar da Kamaru da Chadi, inda shafukan kan zo da Faransanci, awon giram ne da lita, amma waƙafi ne ke yin aikin ɗigo. Idan an ga 1,5 kg, kilo ɗaya da rabi ake nufi. Haka kuma c. à s. babban cokali ne, c. à c. ƙarami.

A jikin kayan aiki akwai lambobin da ba a juyawa ko kaɗan. Injin kwaɓa fulawa da aka yi wa kasuwar Amurka yana ɗauke da 120V 60Hz, wutar Najeriya da Nijar kuwa bolt 220 zuwa 230 ce. Mai fassara zai kwafe lambar yadda take, ya rubuta a gefenta cewa sai an haɗa da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba injin zai ƙone tun a jonawar farko.